Yadda za ka hana ciniki biyar zama caca ɗaya a ɓoye

Yawancin masu ciniki a kasuwar canjin kuɗi sun riƙe dokar nan ta kashi 1 cikin 100: kada ka saka fiye da haka na jarinka cikin haɗari a ciniki guda. Dokar tana da kyau, amma tana da ƙofar baya. Tana ƙirga ciniki ɗaya-ɗaya, ita kuwa kasuwa ba ta san adadin tikitin da ka buɗe ba. Abin da ta sani shi ne me ka saya, me ka sayar. Mutum na iya buɗe ciniki biyar, kowanne ya auna shi tsaf, alhali duka biyar ɗin magana ɗaya suke yi: dala za ta faɗi. Kamar awaki biyar ne da aka ɗaure a turke ɗaya. Igiyoyi biyar ne, amma turken na tugewa duk sun tafi.

Za mu bi misali ɗaya daga farko har ƙarshe. Farashin da ke ciki na misali ne, lissafin kuwa haka yake a kowane asusu.

Asusun da za mu yi aiki da shi

Wani ɗan kasuwa yana da dala 10,000 a asusunsa, kuma ya yanke wa kansa dala 100 a matsayin asarar da zai iya ɗauka a kowane ciniki. A mako guda ya ga dama biyar, ya shiga dukansu:

- Ya sayi EUR/USD, lot 0.25, iyakar asara pip 40.
- Ya sayi GBP/USD, lot 0.20, iyakar asara pip 50.
- Ya sayi AUD/USD, lot 0.40, iyakar asara pip 25.
- Ya sayar da USD/CHF, lot 0.20, iyakar asara pip 45.
- Ya sayi zinariya, XAU/USD, lot 0.05, iyakar asara dala 20 a kan kowane oza.

Iyakar asara ita ce wurin da manhajar ciniki ke rubuta wa `Stop Loss`. Farashi ne da idan an kai shi cinikin zai rufe da kansa. Lot ma'aunin girman ciniki ne, cikakkensa 100,000 na kuɗin da ke gaba a suna, pip kuma ƙaramin matakin da ake ƙirga motsin farashi da shi. Idan ka duba kowanne za ka ga bai yi kuskure ba. A ukun farko cikakken lot yana biyan dala 10 kan kowane pip, saboda haka lot 0.25 dala 2.5 ne, sau 40 ya ba da dala 100. A zinariya cikakken lot oza 100 ne a wurin yawancin dillalai, lot 0.05 oza 5 ke nan, sau 20 shi ma dala 100. A USD/CHF pip ɗin ya ɗan fi tsada, wajen dala 11 a cikakken lot idan farashi na kusa da 0.90, shi ma ya faɗo wajen dala 100. A takarda ya rarraba kuɗinsa: Turai, Birtaniya, Ostiraliya, Switzaland, ga kuma ƙarfe mai daraja.

Mataki na farko: fasa kowane ciniki gida biyu

Kowane ciniki na kuɗi yana da ƙafa biyu, abin da ka saya da abin da ka biya da shi. Idan ka sayi EUR/USD ka riƙe yuro ka saki dala. Idan ka sayar da USD/CHF ka saki dala ka riƙe faran na Switzaland. Nan ne mutane suka fi ruɗewa, domin ganin kalmar sayarwa a tsakiyar saye huɗu yana sa mutum jin kamar ya yi wani abu dabam. Bai yi ba. Dala ce kawai ta koma gaba a rubutun.

Ka ɗauki takarda ka ja layi biyu, ɗaya na abin da ka riƙe, ɗaya na abin da ka saki. A asusun mutuminmu layin farko zai nuna yuro, fam, dalar Ostiraliya, faran da zinariya. Layi na biyu kuwa dala ce sau biyar. To ga cacar ta fito fili: dala 500, wato kashi 5 cikin 100 na jari, a kan cewa dalar Amurka za ta yi rauni.

Akwai wani lissafin da ya kamata ka yi ko sau ɗaya ne, don ka ga girman abin da idonka. Ka juya kowane ciniki zuwa ainihin adadin dalar da aka saki. Yuro 25,000 a farashin 1.10 dala 27,500 ne. Fam 20,000 a 1.30 dala 26,000. Dalar Ostiraliya 40,000 a 0.65 ita ma 26,000. USD/CHF dala 20,000 cif. Zinariya oza 5 a kan 2,500 dala 12,500. Jimilla dala 112,000. Mai jarin dala 10,000 ya sayar da dalar da ta ninka jarinsa sau 11. Idan dala ta yi tsalle da kashi 1 cikin 100 a kan komai lokaci guda, ba tare da iyakokin asararsa sun kama a inda ya ajiye su ba, abin da zai tafi ya haura dala 1,100.

Mataki na biyu: auna tafiyarsu tare

Fasa ƙafafu yana kama alaƙar da ke rubuce a suna. Akwai wadda ba ta cikin suna, kamar ta dalar Kanada da ɗanyen mai, ko ta AUD/JPY, wato dalar Ostiraliya a kan yen na Japan, da kasuwar hannun jari. Wannan sai an auna.

Ma'aunin tafiya tare lamba ce tsakanin -1 da +1. Kusa da +1 na nufin abubuwan biyu suna hawa da sauka tare. Kusa da -1 na nufin idan ɗaya ya hau ɗayan ya sauka. Kusa da sifili na nufin kowa harkar gabansa yake yi. Ba ka buƙatar komai sai Excel ko Google Sheets da farashin rufewa na kwanaki 61 na kasuwa. Ka sa kwanan wata a layin A, EUR/USD a B, GBP/USD a C, daga jeri na 2 zuwa na 62. Sannan a D3 da E3 ka rubuta waɗannan, ka ja su ƙasa, ka ƙare da na ukun a wani gurbi:

```
=B3/B2-1
=C3/C2-1
=CORREL(D3:D62,E3:E62)
```

Lura da cewa canjin kullum muka auna, ba farashin kansa ba. Wannan ba ƙaramin bambanci ba ne. Duk abubuwa biyu da suka yi wata uku suna hawa za su nuna babbar alaƙa idan ka auna farashinsu, ko da babu abin da ya haɗa su sai dacewar lokaci. Abin da ke cinye asusunka shi ne ranar da suka motsa tare, kuma canjin kullum ne ke nuna wannan.

Ka yi awon sau biyu, na kwana 60 da na kwana 20 na ƙarshe, wato `D43:D62` da `E43:E62`. Idan sun saɓa, ka ɗauki wanda ya fi muni. Idan kuma cinikinka na 'yan sa'o'i ne, ka yi amfani da farashin kowace sa'a maimakon na kullum, domin alaƙar da ta shafe ka ita ce ta tsawon lokacin da kake riƙe ciniki.

Saura gyara ɗaya, wanda tebur ɗin da ake samu a shafukan dillalai ba ya yi maka. Lambar ta kasuwanni ce, kai kuwa kana son ta cinikinka. Idan duka biyun saye ne ko duka sayarwa, ka bar lambar yadda take. Idan ɗaya saye ne ɗaya sayarwa, ka juya alamarta. EUR/USD da USD/CHF sukan nuna lamba mara kyau, mu ce -0.8. Mutuminmu ya sayi na farko ya sayar da na biyu, saboda haka a wurinsa +0.8 ce.

Ni inda nake ja layi shi ne: daga 0.7 zuwa sama ciniki ɗaya ne, babu gardama. Tsakanin 0.4 da 0.7 'yan uwa ne, ana sa musu ido. Ƙasa da haka a bar su a matsayin dabam. Ba doka ba ce daga sama, wani zai ja nasa layin a 0.6. Muhimmin abu a ja shi kafin a shiga kasuwa, ba lokacin da ido ya riga ya faɗa kan wata dama ba.

Ciniki nawa ne a gaskiya?

Akwai ɗan lissafi da ke ba da amsa. Idan `n` ne adadin ciniki masu haɗari iri ɗaya, `r` kuma matsakaicin alaƙarsu:

```
n / (1 + (n - 1) * r)
```

Mu ɗauka awon mutuminmu ya ba da matsakaici 0.7. Biyar a raba da 3.8 ya ba da 1.3. Ciniki biyar ya buɗe, ya biya ratar saye da sayarwa sau biyar, amma rarrabawar da ya samu ba ta kai ta ciniki ɗaya da rabi ba.

Ga abin da wannan ke nufi a aljihu. Da a ce biyar ɗin ba su da alaƙa, kuma kowanne rabi-da-rabi ne tsakanin riba da asara, yiwuwar su faɗi gaba ɗaya sau 1 ne cikin 32. Da wannan tunanin ya kwanta barci. Amma da alaƙa mai ƙarfi, faɗuwarsu tare ta zama abin yau da kullum: duk ranar da dala ta tashi da ƙarfi. Irin wannan rana huɗu a jere, kowacce kashi 5, za ta rage asusun da kusan kashi 18.5 cikin 100, kuma sai ya ci ribar kusan kashi 23 kafin ya koma inda ya fara. Mutumin da yake ganin kashi 1 yake kasada da shi.

Gargaɗi ɗaya game da wannan lissafin: na fahimta ne, ba na auna girman ciniki ba. Kada ka ce tunda alaƙar 0.7 ce ba 1 ba, bari in yi wa kaina rangwamen kashi 30. Wajen sa iyaka, ka tara haɗarin rukuni, wato cinikin da ke tafiya tare, kai tsaye, 100 da 100 da 100, kamar duk za su faɗi tare. Dalili kuwa shi ne ma'aunin ba ya tsayawa wuri ɗaya, kuma ya fi tashi a daidai lokacin da ka fi buƙatar ya zauna ƙasa. A tsakiyar Maris na 2020 hannayen jari, ɗanyen mai, Bitcoin har da zinariya duk sun faɗi a kwanaki guda, dala kuma ta tashi, domin kowa na sayar da abin da zai sayu don ya sami tsabar kuɗi. Duk wanda ya dogara da awon watan Janairu na shekarar, awon bai yi masa rana ba.

Mataki na uku: iyaka hawa uku

Yanzu ka rubuta lambobi uku. Ta farko ka riga ka san ta, kashi 1 ga kowane ciniki. Ta biyu ita ce sabuwa: kashi 2 ga kowane rukuni, wato duk cinikin da suka haɗa ƙafa ɗaya a ɓangare ɗaya, ko alaƙarsu ta kai 0.7. Ta uku ita ce jimillar duk abin da ke buɗe, mu ce kashi 5 ko 6. Mai ƙaramin haƙuri da asara ya rage su, amma ya bar tsarin: iyakar rukuni kada ta wuce ninki biyu na ciniki ɗaya sosai, in ba haka ba ba ta hana komai.

Tsarin ba sabo ba ne. Richard Dennis, wanda ya horar da wasu sababbin 'yan kasuwa a Chicago daga 1983, ya ba su iyaka hawa huɗu, ana ƙirgawa da kaso, wato girman ciniki guda: kaso 4 a kasuwa ɗaya, 6 a kasuwanni masu alaƙa ta kusa, 10 a masu alaƙa ta nesa, 12 a ɓangare ɗaya, saye ko sayarwa. Abin lura a nan shi ne tazarar da ke tsakanin 4 da 6. Ƙara kasuwa mai kama da ta farko rabin wuri kawai ya ƙara musu.

A asusun mutuminmu iyakar rukuni dala 200 ce, shi kuwa yana ɗauke da 500. Hanya biyu ke gabansa.

Ta farko, ya zaɓi biyu ya bar uku. Ba waɗanda suka fi burge shi zai zaɓa ba, sai biyun da suka fi nisa da juna. Yuro, fam da faran duk kuɗin Turai ne, sun fi tafiya kafaɗa da kafaɗa, saboda haka ɗaya daga cikinsu ya isa, wanda tsarinsa ya fi tsafta kuma kuɗin shigarsa ya fi sauƙi. Na biyun ya fito daga zinariya ko dalar Ostiraliya, waɗanda ke da wasu dalilan motsi nasu ban da dala.

Ta biyu, ya riƙe duka biyar ya raba dala 200 a kansu, 40 kowanne. EUR/USD ya koma lot 0.10, GBP/USD 0.08, AUD/USD 0.16, USD/CHF 0.08, zinariya 0.02. Iyakokin asara suna nan inda suke, girman ciniki ne kawai ya ragu. A nan wasu kan yi wayon da ke cutar da su: su bar lot yadda yake su matso da iyakar asara kusa don lissafi ya fito dala 40. Haɗarin ya ragu a takarda, amma yanzu ƙaramin motsi ma ya isa ya fitar da su duka.

Ni na fi son ta farko, don ciniki biyu sun fi sauƙin kulawa. Ta biyun tana da amfaninta idan ra'ayinka a kan dala ne zalla, kuma ba ka son wani labari na Birtaniya kaɗai ya ɓata maka shi.

Idan sabuwar dama ta zo rukuni a cike

Wannan ne wurin da dokar ke shan gwaji, domin dama ta shida kullum ita ce ta fi kyau a ido. Kuma ba mamaki: idan dala na faɗuwa, duk abin da aka haɗa da ita zai nuna alamar shiga a lokaci guda. Alamu shida ɗin ba shaidu shida ba ne, labari ɗaya ne ya bayyana a allo shida.

Kafin ka danna, tambaya uku. Wace ƙafa sabon cinikin ya haɗa da waɗanda ke buɗe? Nawa ya rage a iyakar wannan rukunin? Idan babu saura, wanne zan rufe ko in rage don in ba shi wuri? Idan ba ka yarda ka rufe ko ɗaya saboda shi ba, to bai fi su ba, ka bar shi ya wuce.

Wuri yana buɗewa kuma idan tsohon ciniki ya yi riba ka matsar da iyakar asararsa zuwa farashin shiga. A lissafi haɗarinsa ya zama sifili. Ni dai ina ƙirga shi da rabi, musamman idan akwai babban labari a gaba. Rahoton ayyukan yi na Amurka yakan fito ranar Juma'ar farko ta wata da ƙarfe 8:30 na safe agogon New York, haka rahoton hauhawar farashi yake fitowa duk wata, kuma babban bankin Amurka yana zaman yanke kuɗin ruwa sau 8 a shekara. A irin waɗannan mintuna farashi na tsallake iyaka, a rufe maka a inda aka samu mai saye. Ciniki biyar da aka auna a dala 100 kowanne na iya rufewa a 130, kuma zamewar a kan dukansu za ta faɗa a daƙiƙa ɗaya.

Garkuwar da ba garkuwa ba

Da mutum ya gane matsalar, abin da ke fara zuwa masa shi ne ya buɗe wani ciniki a ɗaya ɓangaren don ya kashe haɗarin. A yi hattara. Idan ka sayi EUR/USD kuma ka sayi USD/CHF da girma daidai, dalar da ka saki a na farko ka karɓe ta a na biyu. Dala ta fita daga lissafi, gaskiya ne. Amma abin da ya rage a hannunka shi ne yuro da ka riƙe da faran da ka saki, wato ka sayi EUR/CHF ta hanya mai tsada, da rata biyu da kuɗin kwana biyu.

Waɗanda ke riƙe da irin wannan a ranar 15 ga Janairu 2015 sun ga abin da ke cikinta. Tun Satumba 2011 babban bankin Switzaland ya hana yuro sauka ƙasa da faran 1.20, abin da ya sa EUR/USD da USD/CHF suka zama kamar mutum da hotonsa a madubi, alaƙarsu dab da -1. A ranar bankin ya janye hannunsa ba sanarwa. Cikin mintuna EUR/CHF ya faɗi ƙasa da 1.00, iyakokin asara da yawa ba su kama a inda aka ajiye su ba, wasu asusun suka koma bashi, wasu dillalai suka durƙushe. Alaƙar ta yi shekara uku tana nan daram, amma hukuncin ofis ɗaya ne ke riƙe da ita.

Saboda haka idan kana son rage haɗari, ka rage ciniki ko ka rufe shi. Ciniki mai adawa ba a cire shi daga jimilla, ana buɗe masa nasa rukunin ne a ƙara shi a kai.

A wajen kasuwar canjin kuɗi

Tsarin ɗaya ne, sunan rukunin ne ke canzawa. Mai riƙe da ƙananan kuɗin kirifto shida ya ƙirga su rukuni ɗaya tare da Bitcoin, domin ranar da ya faɗi da ƙarfi sukan bi shi, galibi ma su fi shi faɗuwa. Mai hannun jarin Apple, Microsoft da Nvidia da ya ƙara sayen Nasdaq 100, ma'aunin hannun jarin manyan kamfanoni a kasuwar Nasdaq ta Amurka, ya sayi kamfanonin nan sau biyu, tunda suna cikin mafiya nauyi a ma'aunin. Mai sayen ɗanyen mai da ya sayar da USD/CAD, wato ya riƙe dalar Kanada, ya auna su kafin ya ce biyu ne.

Yadda za ka gane ko rukunanka daidai ne

A littafin da kake rubuta cinikinka ka ƙara layi biyu: sunan rukuni, da lokacin da aka rufe ciniki har da sa'a. A ƙarshen wata ka jera asarorin bisa lokaci. Duk inda ka ga biyu ko uku sun rufe cikin sa'a ɗaya, ka duba layin rukuni. Idan sunan ɗaya ne, tsarin ya yi aikinsa, kuma jimillarsu bai kamata ta wuce kashi 2 da ɗan zamewa ba. Idan sunayen dabam ne kuma abin ya maimaitu, ka raba abin da kasuwa ba ta raba ba, sai ka haɗe rukunan biyu.

Awo na biyu ya fi sauri. Ka nemo ranarka mafi muni a watan, ka raba asararta da haɗarin ciniki ɗaya. Mai kasadar dala 100 da ya taɓa rasa 450 a yini guda ya sami 4.5, alhali iyakar rukuninsa 2 ce. Ko dai ya karya dokar, ko akwai alaƙar da bai gani ba. Ya koma kan cinikin ranar ɗaya bayan ɗaya ya fasa ƙafafunsu, sannan ya sake awon kwana 20 a kan duk biyun da ya ɗauka ba su haɗa komai ba.